Shatar tafiya da shatar wa'adi: yadda sabon akawu zai ƙirga letaim da dimarej

Jirgin dakon kaya yana cin kuɗi ko yana tafiya ko yana tsaye. Albashin ma'aikata bai san ruwan sama ba, inshora ba ta san Lahadi ba, bankin da ya ba da bashin sayen jirgin kuma bai san cunkoson Apapa ba. Saboda haka duk takardar shatar da za ta zo teburinka, komai kaurinta, akwai tambaya ɗaya da take amsawa: in lokaci ya salwanta, aljihun wa zai ji? Amsar ta bambanta tsakanin manyan nau'o'in shata biyu, kuma daga wannan bambancin ne letaim, wato lokacin da aka ware wa lodi da sauke kaya, da dimarej, wato diyyar jinkiri, suka samo asali.

Mataki na farko: gane irin shatar da ke hannunka

A shatar tafiya, wadda a ofis za ka ji ana ce mata boyej cata, mai kaya yana ɗaukar jirgi don tafiya guda: a ɗauko alkama daga tasha kaza a sauke ta a Legas. Abin da yake biya kuɗin dako ne, ko dai a kan kowane tan ko dunƙulallen kuɗi. Man jirgi, albashi, abinci, inshorar jirgi da kuɗin da tasha ke karɓa a kan jirgin duk suna wuyan mai jirgi. In hadari ya tare shi a teku ya ƙara kwana uku, asararsa ce, mai kaya ba zai ƙara ko sisi ba.

A shatar wa'adi, wato taim cata, jirgin ake ɗauka da kyaftin da ma'aikatansa na wani tsawon lokaci, wata uku ko shekara biyu, wani lokacin ma na tafiya ɗaya amma a kan farashin kwana. Mai shata yana biyan haya ta kowace rana, galibi a gaba, duk kwana 15. Shi ke sayen mai, shi ke biyan kuɗin tasha da na lodi da sauke, shi ke gaya wa kyaftin inda zai nufa. Mai jirgi ya tsaya a kan albashi, gyara da inshora. In jirgi ya yi sati biyu yana jiran wurin tsayawa, haya na ta tafiya, mai jirgi yana barcinsa.

Wanda ya taɓa ɗaukar shatar tirela daga Dawanau zuwa Legas ya san na farko: an yi ciniki a kan tafiyar, direba ya sayi gas ɗinsa, amma in ka bar motarsa kwana huɗu ba ka sauke ba zai nemi kuɗin kwana. Na biyu kuwa kamar ka ɗauki tirelar ce da direbanta na wata guda, kai ke zuba mai, ko ta yi aiki ko ta kwana a gareji kuɗin wata bai ragu ba.

Sunan fom ɗin da ke saman takarda shi zai fara gaya maka inda kake. GENCON, wanda ƙungiyar BIMCO ke fitarwa, na shatar tafiya ne ta busassun kaya. Bugun 1994 ne har yanzu ya fi yawo, ko da yake an sabunta shi a 2022. ASBATANKVOY na 1977 na tankokin mai ne. In ka ga NYPE, ko na 1946 ko 1993 ko 2015, ko BALTIME, to shatar wa'adi ce. Sai dai kada ka tsaya a fom ɗin da aka buga. Dillalai suna soke layuka, suna ƙara sharuɗɗa a baya, sannan akwai taƙaitaccen saƙon da aka rufe ciniki da shi. In suka saɓa wa juna, a ƙa'ida abin da ɓangarorin suka tattauna suka rubuta da kansu ya fi ƙarfin abin da aka buga. Daga taƙaitaccen saƙon za ka fara karatu.

Mataki na biyu: ciro tsawon letaim da ƙa'idarsa

Tun da a shatar tafiya lokaci na mai jirgi ne, ba zai yarda mai kaya ya riƙe masa jirgi a tasha yadda ya ga dama ba. Sai su yi yarjejeniya a kan adadin lokacin da aka ba mai kaya ya yi lodi ko ya sauke ba tare da ƙarin biya ba, domin an riga an saka kuɗinsa cikin kuɗin dako. Shi ne letaim. In ya wuce, sai ya biya diyyar jinkiri a kan farashin da aka yanke tun farko, kaza a kowace rana. Shi ne dimarej. In ya gama da wuri, a busassun kaya mai jirgi kan mayar masa da tukuici, disfac, wanda yawanci rabin farashin dimarej ne. A tankokin mai ba a saba biyan disfac ba, kuma letaim ɗinsu yawanci awa 72 ne na lodi da sauke a haɗe.

Wata 'yar tunatarwa: 'yan kasuwarmu masu shigo da kwantena ta Apapa ko Kwatano su ma suna kukan dimarej, amma nasu kuɗin da kamfanin jirgi ke caza ne a kan akwatin da ya wuce kwanakin kyauta. Lissafinsa dabam ne, ba shi muke magana a kai ba.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Alƙaluman na koyo ne, amma haka layukan suke fitowa a allon kwamfuta:

```
30,000 MT WHEAT IN BULK
DISCH 5,000 MT PWWD OF 24 CONSEC HRS SHEX EIU
DEM USD 15,000 PDPR / DHD
OTHERWISE AS PER GENCON 94
```

Layi na biyu ya ce za a sauke tan 5,000 a rana. Raba 30,000 da 5,000, ka sami kwana 6, wato awa 144. Ka lura da nauyin da ke kan takardar kaya za ka yi rabon, ba da wanda aka yi kirdado ranar ciniki ba. In an loda tan 29,400, letaim ya ragu ke nan. PWWD na nufin ranar da yanayi ya bari a yi aiki: awannin da ruwan sama ya hana buɗe rumbunan jirgi ba sa shiga lissafi, ga alkama kuwa yayyafi ma ya isa a rufe. SHEX ya cire Lahadi da ranakun hutu. EIU ya ƙara da cewa ko an yi aiki a ranakun ba za a ƙirga ba. Da UU aka rubuta, awannin da aka yi aiki a cikinsu za su shiga. Da SHINC ne, ba Lahadi ba hutu, agogo na tafiya. A tashoshin ƙasashen da Juma'a ce ranar hutu za ka ga FHEX. PDPR a layi na uku na nufin a kowace rana, guntun rana kuma a biya gwargwadonsa: dala 15,000 a rana ta zama dala 625 a awa. DHD kuma na nufin disfac rabin farashin dimarej ne.

Mataki na uku: tabbatar da lokacin da agogo ya fara

Nan ne rigima ta fi yawa, nan ne kuma ya kamata ka fi daɗewa. Letaim ba ya farawa don kawai an hango jirgi. Sai abubuwa uku sun haɗu: jirgi ya iso inda shata ta ce, ya kasance a shirye da gaske, sannan kyaftin ya miƙa sanarwar shiri, wadda kowa ke kira NOR, ga wanda ya dace, ta hanyar da ta dace, a lokacin da ya dace.

Isowa ta danganta da yadda aka rubuta wurin zuwa. In shata ta ambaci gurbin tsayawa ne a bakin tasha, jirgi bai iso ba sai an ɗaure shi a gurbin, duk jiran da ya yi a waje na mai jirgi ne. In tashar ta ambata gaba ɗaya, ya iso da zarar ya shiga iyakar tashar ya tsaya inda jirage suka saba jira. Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani, wato Majalisar Dattawa, ita ta daidaita wannan a 1973 a shari'ar jirgin Johanna Oldendorff, wanda ya jira da hatsi a bakin kogin Mersey: dole ya kasance cikin tasha, kuma a hannun mai shata, da zarar an kira shi ya taho. Bayan shekara huɗu, a shari'ar Maratha Envoy, jirgin ya jira a wajen iyakar tashar Brake ta Jamus, kotu ta ce bai iso ba. Muna ambaton kotunan Ingila ne saboda mafi yawan takardun shata dokar Ingila suke zaɓa da sasanci a Landan, ko da kayan Legas za su zo.

Don masu jirgi su kare kansu daga cunkoso sai suka shigo da wasu gajerun kalmomi. WIBON ya ba kyaftin damar miƙa sanarwa ko bai sami gurbi ba, muddin wani jirgi ne ya tare gurbin. WIPON ya ba shi dama ko yana wajen iyakar tasha, a wurin jiran da aka saba. WIFPON da WCCON kuma sun shafi izinin jami'an lafiya da na kwastan. GENCON 94 ya riga ya ƙunshi makamancin wannan a sashe na 6: in babu gurbi, a miƙa sanarwa daga wurin jira cikin lokacin ofis, lokaci ya fara tafiya kamar jirgi na gurbi, sai dai tafiyar da zai yi daga wurin jira zuwa gurbi ba ta shiga lissafi.

Masu jirgi ba su manta da Legas ta 1975 ba. Gwamnati ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, abin da ya ninka ƙarfin tashar sau da yawa, ɗaruruwan jirage suka yi sahu a bakin teku, wasu na tsawon watanni, dimarej yana ta hawa a kan Nijeriya. Cunkoson nan na cikin dalilan gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Har yau wanda zai tura jirgi gaɓar Afirka ta Yamma sharaɗin jira yake fara dubawa.

Shiri kuwa dole ya zama gaskiya a daidai lokacin da aka miƙa sanarwa, ba alkawarin za a shirya ba. In lodi za a yi, rumbuna su kasance a wanke, a bushe, ba ƙwari. A shari'ar Tres Flores an sami ƙwari a rumbunan jirgin da zai ɗauki masara; feshin 'yan awanni kawai ake buƙata, amma kotu ta ce sanarwar farko ba ta da inganci, kwanakin jiran da suka gabata suka tafi a banza. Kuma sanarwar da aka miƙa kafin lokacinta ba ta farfaɗowa da kanta idan jirgi ya shirya daga baya. Shi ya sa gogaggen kyaftin, in yana da ko ɗan kokwanto, yakan sake miƙa wata da ya jefa anga, wata da ya ɗaure a gurbi, kowacce da rubutun cewa ba ta soke ta baya ba. In kana ofishin mai jirgi ko na wakilinsa, tuna masa. Kuɗin imel ɗaya ne.

Bayan ingantacciyar sanarwa akwai ɗan lokacin shiri. A GENCON 94, in an miƙa ta har zuwa ƙarfe 12:00 na rana, letaim zai fara ƙarfe 13:00. In bayan haka ne cikin lokacin ofis, sai ƙarfe 06:00 na ranar aiki ta gaba. A ASBATANKVOY awa 6 ne bayan sanarwa, ko lokacin da aka gama ɗaure jirgi a gurbi, duk wanda ya riga.

Mataki na huɗu: karɓi takardar abin da ya faru, ka tantance ta

Wakilin jirgi a tasha yana rubuta SOF, jerin duk abin da ya faru da awa da minti: isowa, jefa anga, miƙa sanarwa, hawan jagoran jirgi, ɗaurewa, fara aiki, tsayawa da dalilinta, gamawa. Kyaftin da wakili da mai karɓar kaya su sa hannu. Wannan takarda ba ta yanke hukunci, labari kawai take bayarwa, amma duk lissafinka a kanta zai tsaya.

Abin da za ka nema shi ne gurɓataccen rubutu. "An tsaya saboda ruwa" ba tare da awa ba bai da amfani. "Ba aiki" ba tare da dalili ba kuma tarko ne, don rashin motocin kwasa na mai kaya ne, lalacewar injin ɗaga kaya na jirgi kuwa na mai jirgi ne. Gwada awannin ruwan da ke ciki da littafin jirgi. Na sha ganin takardar da ta ce an yi ruwa awa shida, alhali lissafin masu ƙirga kaya ya nuna an sauke ɗaruruwan tan a cikin awannin. In kyaftin bai yarda da wani layi ba, ya rubuta ƙorafinsa kafin ya sa hannu, ya bi da takardar ƙorafi. Bayan jirgi ya tashi gyara yana da wuya ƙwarai.

Ranakun hutu ma ka tabbatar da su daga sanarwar hukuma ta inda tashar take. Hutun Sallah a Nijeriya ganin wata yake bi, gwamnati kan sanar da ranakun 'yan kwanaki kafin su zo, don haka kalandar da ke bangon ofis tun Janairu ba hujja ba ce.

Mataki na biyar: yi lissafin rana bayan rana

A ce jirginmu ya iso Legas a watan Yuni, tsakiyar damina, a shekarar da 12 ga Yuni, Ranar Dimokuraɗiyya, ta faɗo Juma'a. Ya jefa anga Litinin 8 ga wata ƙarfe 09:40, wani jirgi na cikin gurbinsa, kyaftin ya miƙa sanarwa ƙarfe 10:15. Tun da kafin ƙarfe 12:00 ne, agogo ya fara ƙarfe 13:00. Muna da awa 144.

- Litinin 8: daga 13:00 zuwa tsakar dare, awa 11.
- Talata 9: jira a anga, awa 24. Jimilla 35.
- Laraba 10: an ɗaga anga 07:00, an gama ɗaurewa 10:30, a cire awa 3 da rabi. An fara sauke kaya 13:00. Awa 20 da rabi. Jimilla 55 da rabi.
- Alhamis 11: ruwa daga 14:00 zuwa 18:00. Awa 20. Jimilla 75 da rabi.
- Juma'a 12: hutu. An yi aiki, amma ba a ƙirga ba.
- Asabar 13: awa 24. Jimilla 99 da rabi.
- Lahadi 14: ba a ƙirga ba.
- Litinin 15: ruwa daga 02:00 zuwa 08:00. Awa 18. Jimilla 117 da rabi.
- Talata 16: awa 24. Jimilla 141 da rabi.
- Laraba 17: saura awa 2 da rabi, don haka letaim ya ƙare ƙarfe 02:30 na dare.

Dubi ranar Laraba ta farko. Tsakanin 10:30 da 13:00 jirgi na ɗaure ba a fara aiki ba, amma awannin sun shiga lissafi, domin agogo ya riga ya fara kuma babu sharaɗin da ya tsayar da shi. Sabon akawu yakan ɗauka lokacin aiki kawai ake ƙirgawa. A'a: komai ana ƙirgawa sai abin da shata ta cire da bakinta. Asabar ma ta shiga, don SHEX Lahadi kawai ya ambata. In ana son cire Asabar sai an rubuta SSHEX ko an fayyace awannin.

Motocin kwasa sun yi ƙaranci, ba a gama sauke kaya ba sai Juma'a 19 ga wata ƙarfe 14:30. Ranar Alhamis 18 an yi ruwa na awa 5. Za ka cire? Ba za ka cire ba. Da zarar jirgi ya shiga dimarej, rangwamen ruwa da Lahadi da hutu sun faɗi, agogo ba ya sake tsayawa sai an gama. Hujjar ita ce mai kaya ya riga ya saɓa alkawari. Da ya gama a kan lokaci, da ruwan nan bai tarar da jirgi a tasha ba. Abu biyu kawai ke tsayar da shi: sharaɗin da ya ambaci dimarej ƙarara, ko laifin mai jirgi kansa.

To daga Laraba 02:30 zuwa Juma'a 14:30 kwana 2 ne da awa 12. Kwana 2.5 sau 15,000, dala 37,500.

A ce kuma a cikin kwanakin nan ɗaya daga injinan ɗaga kaya huɗu da ake aiki da su na jirgin ya lalace na awa 8. GENCON 94 ya ce a cire gwargwado, ko ana letaim ko ana dimarej. Kashi ɗaya cikin huɗu na awa 8 awa 2 ne, dala 1,250 ke nan za ta fita. Mai kaya zai so a cire awa 8 ɗin duka. Nuna masa sashe na 5.

Yanzu mu bar wannan gefe mu canza kalma ɗaya a ciniki, SHEX ya koma SHINC. Juma'ar hutu ta shiga, jimilla ta kai 123 da rabi a daren Asabar, letaim ya ƙare Lahadi ƙarfe 20:30. Ruwan safiyar Litinin mai awa 6, wanda ɗazu muka cire, yanzu ya faɗo cikin dimarej, ba ya fita. Kwana 4 da awa 18, dala 71,250. Ka ga ba kwana biyu kawai aka yi asara ba, har da rangwamen da ke bayansu.

Sai mu koma SHEX, amma a ce an gano sanarwar Litinin ba ta inganta ba, kyaftin ya tura ta tun jirgi na tafiya bai kai wurin jira ba, bai kuma sake wata ba. Ko da an yarda a fara ƙirga daga fara sauke kaya, Laraba 13:00, awa 44 da rabi na farko sun tafi. Letaim zai ja har ya haɗiye Alhamis 18, ruwanta na awa 5 ya zama abin cirewa, ya ƙare Juma'a ƙarfe 04:00. Dimarej ya koma awa 10 da rabi, dala 6,562 da rabi. Kusan dala 31,000 ta zube saboda saƙo ɗaya da aka tura da wuri.

Da mai kaya ya gama Talata 16 ƙarfe 14:30, awa 132 ke nan ya ci, ya rage awa 12. Disfac a rabin farashi, dala 7,500 a rana, zai karɓi 3,750. Nan ma duba ko lokacin aiki da aka rage kawai ake biya ko duk lokacin da aka rage har da Lahadin da ke gaba, don shata kan zaɓi ɗaya. Haka kuma duba ko letaim na lodi da na sauke a rabe suke ko an yarda a haɗa su, abin da aka rage a tashar lodi ya taimaka a tashar sauke.

Mataki na shida: in shatar wa'adi ce, wani littafin za ka buɗe

Ɗauki jirgin nan da kwanakin nan, amma a kan haya ta dala 14,000 a rana. Daga jefa anga zuwa gama sauke kaya kwana 11 ne da kusan awa 5. Mai shata zai biya kusan dala 157,000, ban da man da injinan wuta suka sha a tasha. Ba letaim, ba dimarej, ba rangwamen ruwa ko na Lahadi.

Abin da ke tsayar da haya shi ne sharaɗin dakatar da ita, sashe na 15 a NYPE na 1946, na 17 a na 1993. Yana aiki ne in matsalar daga jirgi take: inji ya lalace, ma'aikata sun gaza, gobara, shiga wurin gyara. Kuma a NYPE lokacin da aka yi asara da gaske ake cirewa, ba tsawon lalacewar ba. In babban inji ya lalace alhali jirgi na ɗaure ana sauke kaya ba tsaiko, babu abin cirewa. Mai shata ne ke da nauyin nuna cewa abin da ya faru yana cikin jerin da sharaɗin ya lissafa.

Aikinka a nan huɗu ne. Lokacin miƙa jirgi da na mayar da shi, wanda NYPE na 1993 ya ce a lissafa da GMT. Agogon Nijeriya yana gaba da awa ɗaya, letaim kuwa da agogon tasha ake yinsa, kada ka cakuɗa su. Man da ke cikin tankuna ranar miƙawa da ranar mayarwa, wanda mai awo ke aunawa, a saya a kuma sayar a farashin da aka yanke. Gudu da shan mai: in an ce jirgi na yin kusan not 13, wato mil 13 na teku a awa, a kan tan kaza a rana, ana gwada shi ne a kwanakin da teku ke kwance kawai, galibi iska ba ta wuce mataki na 4 a ma'aunin Beaufort ba. Sai ranar biya, wadda ta fi duka haɗari. A shari'ar Laconia ta 1977 ranar biya ta faɗo Lahadi, aka biya Litinin, mai jirgi ya janye jirginsa, kotu ta ce yana da iko. Kamata ya yi a biya tun Juma'a. Yanzu yawancin takardu na ba da 'yan kwanakin gargaɗi kafin janyewa, amma kai ka sa kuɗi su isa kafin ranar, musamman in haya ta tashi a kasuwa, lokacin da mai jirgi ke neman dalilin karɓe abinsa.

Sau da yawa kamfaninku zai tsaya a tsakiya: ya ɗauko jirgi a shatar wa'adi, ya ba wani a shatar tafiya. To littattafan biyu duka naka ne. A misalinmu kuna biyan haya ta kwana 11, kuna karɓar dimarej na kwana 2 da rabi kawai. Letaim na "kwana 6" ya ci kwana 8 da rabi na kalanda, kuma in wanda ya yanke kuɗin dako bai saka wannan ratar a lissafinsa ba, ribar tafiyar ta tafi. Don haka in aka ce ka kimanta kwanakin tasha kafin ciniki, kada ka ba da 6. Ƙara Lahadi, hutu da damina.

Mataki na bakwai: tura neman biya kafin ƙofa ta rufe

Haɗa takardar lissafinka da sanarwar shiri da shaidar lokacin da aka tura ta, da SOF mai sa hannu, da takardun ƙorafi, da takardar neman kuɗi; a tankin mai har da littafin famfo. Takardun shatar tankoki da yawa suna cewa in ba a kawo neman dimarej da cikakkun takardunsa cikin wa'adi ba, galibi kwana 90 daga gama sauke kaya, haƙƙin ya faɗi gaba ɗaya, kuma an sha yin asarar manyan kuɗi saboda takarda ɗaya da ba a haɗa ba. Ranar da jirgi ya gama, rubuta ranar ƙarewar wa'adin a kan fayil.

In kuma kana ɓangaren mai shigo da kaya ne, akwai takarda ta uku da za ka ajiye kusa: yarjejeniyar sayen alkamar kanta. Mai sayarwa ne yawanci ya ɗauki shatar, shi mai jirgi zai bi, shi kuma ya juyo kanku da sharaɗin dimarej da ke cikin yarjejeniyar saye. Sharuɗɗan biyu ba lalle su zama iri ɗaya ba. Ana iya samun SHINC a shata, SHEX a yarjejeniyar saye, ko farashin rana ya bambanta. Saboda haka in lissafin mai jirgi ya iso ta hannun mai sayarwa, kada ka tura shi ofishin kuɗi yadda ya zo. Ɗauko SOF, ka sake jera kwanakin daga Litinin ɗin farko bisa sharuɗɗan da kamfaninku ya sa wa hannu, abin da ya fito shi ne bashinku.